Ragon Aro: Yadda Ake Gina Gajeren Wasan Barkwanci a Dandamali

A taron yaye ɗalibai na makarantun sakandare a Zango, ko a wasan Sallah da ƙungiyoyin matasa kan shirya, dirama ba ita kaɗai ce a jadawali ba. An buɗe da addu'a, shugaban makaranta ya yi jawabi, 'yan firamare sun yi waƙe, ga rabon kyaututtuka yana jira. A tsakanin waɗannan ne mai gabatarwa zai ce a ba 'yan dirama wuri, kuma abin da za a ba su bai wuce minti 6 zuwa 8 ba. Masu kallo sun gaji da zama, yara suna zirga-zirga, manyan baƙi suna duban agogo. Wasan da ya dace da wannan gurbi dabam yake da irin su Uwar Gulma ko Jatau Na Kyallu da aka karanta a aji, waɗanda ke da filin bin rayuwar mutum kashi bayan kashi. Gajeren wasan barkwanci abu ɗaya yake ɗauka, ya yi ta ƙara masa wuta har ya kai inda ba ya iya wucewa, sannan magana ɗaya ta kife shi a rufe labule.

Yawancin waɗanda na gani suna lalacewa ne daga wuri guda. Yara sun zauna sun tara abubuwan ban dariya, wannan ya iya tafiyar tsoho, wancan ya iya Hausar barikin soja irin ta Samanja, wani kuma ya haddace motsin marigayi Rabilu Musa Ibro, sai a zuba su duka a dandamali ba tare da an san inda za a tsaya ba. Ana dariya a minti biyu na farko, daga nan sai hayaniya, a ƙarshe wani ya ɗauko sanda ya bi kowa da gudu. Maganin wannan shi ne a fara rubutu daga ƙarshe. Kafin a rubuta sallamar farko, marubuci ya san maganar da za a rufe da ita, da wanda zai faɗe ta, da wanda za ta faɗa wa a ka. Duk abin da ya zo kafin ta hanya ce ta isa gare ta.

Bari mu gina ɗaya tun daga tushe. Sunansa Ragon Aro, mutum uku ne da rago. Idi magidanci ne a Zango wanda aljihunsa ya bushe ana saura kwana kaɗan Babbar Sallah. Alhaji surukinsa ne, yana zuwa daga Daura. Sale maƙwabcin Idi ne mai kiwo. Bugun ƙarshe da za mu nufa shi ne wannan: ragon da Idi ya aro a wurin Sale don ya burge surukinsa, ashe na surukin ne, ya ba Sale kiwo, Sale ya aika masa cewa ya mutu. Abin da ya sa wannan zai yi aiki a nan shi ne kowa a wurin ya san al'adar. Mutanen birni suna ba na karkara kiwo, dabba takan mutu, mai kiwo kan kai fata shaida, kuma kowa ya taɓa jin labarin fatar da ba a yarda da ita ba. Ba sai an yi wa kowa bayani ba.

Shimfiɗa ita ce minti ɗaya na farko, kuma aikinta uku ne kawai: a san wane ne wannan, me yake so, me zai same shi idan asiri ya tonu. A namu, labule yana buɗewa Idi na jan rago da igiya, Sale na riƙe da ɗaya bakin igiyar.

IDI: Haba Sale, awa ɗaya tak. Surukina ya gan shi a turke, ya sha ruwa, ya koma Daura, in maido maka abinka.

SALE: Daura? Wace unguwa?

IDI: Ina ruwanka da unguwa? Saki igiya.

SALE: To, kuɗin dusa dubu ɗaya. Kuma kada ka kuskura ka fita da shi bakin titi. Ragona ba ya son idon mutane.

Layi huɗu ke nan, kuma an gama. An san ragon ba na Idi ba ne, an san na awa ɗaya ne, an san suruki ake tsoro. Ba a sa matar Idi ta fito ta yi jawabin talauci ba, ba a nuna shi yana bin kasuwa yana taya raguna ba. Masu kallo a Zango sun san abin da ake nufi da suruki zai zo gida babu rago a turke.

A lura da abin da aka binne a cikin layukan Sale. Tambayarsa ta unguwa da kashedinsa na bakin titi, a yanzu mutane za su ɗauke su a matsayin rowa da tsegumi, su yi dariya su wuce. Sai a ƙarshe za su gane cewa ɓarawo ne yake ɓoye kayan sata. Haka ake dasa abin da bugun ƙarshe zai tsaya a kai: a faɗe shi a fili kowa ya ji, amma a ba shi wata ma'ana da za ta ishi mai kallo a lokacin. Idan ba a dasa ba, ƙarshen zai zo kamar an jefo shi daga sama, mutane su kalli juna. Idan kuma an dasa da ƙarfi, misali Sale ya juya ga jama'a ya ce ragon ba nasa ba ne, to an sayar da ƙarshen tun a minti na farko.

Daga nan sai hauhawa, kuma nan ne aikin yake. Ƙa'idarta ita ce kowane mataki ya fito daga ƙaryar farko, kuma ya fi na bayansa tsada ga Idi. Ba a shigo da sabuwar matsala daga waje. Idan ana tsakiyar maganar rago sai ga mai bin bashin taki ya shigo, an fara wani wasan ne dabam, kuma na farkon ya mutu a tsaye.

Mataki na farko ƙarami ne, cika baki kawai. Alhaji ya yi sallama, Idi ya durƙusa har ƙasa, kansa a sunkuye, an gaisa an tambayi mutanen gida. Gaisuwar nan a taƙaita ta, amma kada a cire, domin kunyar suruki ita ce igiyar da ta ɗaure Idi har ƙarshen wasan. In jama'a ba su ga ya durƙusa ba, ba za su yarda cewa ba zai iya buɗe baki ya faɗi gaskiya ba. Alhaji ya hango rago, ya je ya shafa bayansa, ya ɗaga kunnen hagu ya duba.

ALHAJI: Ikon Allah. Ɗana, a ina ka samo wannan?

IDI: Kasuwar Mai'adua, Baba. Ranar Lahadi. Dubu ɗari uku na ajiye, ko tayi ban yi ba.

ALHAJI: Allah Sarki. Ni ma na ba da irinsa kiwo a garin nan, watan jiya aka aiko mini wai ya mutu.

IDI: Ai mutanen yanzu, Baba, babu amana.

Dariyar tana kan layin Idi na ƙarshe, mai ragon aro yana wa'azin amana, kuma wannan dariyar ce take rufe layin Alhaji da ya gabace ta. Dasa na biyu ke nan, an lulluɓe shi. Ambaton Mai'adua da ranar Lahadi ba ado ba ne. Maƙaryaci yakan cika bayani don a yarda da shi, kuma mutanen ƙasar Daura suna jin sunan kasuwar za su ga wurin a idonsu, har da ƙurar kara da hayaniyar dillalai.

Mataki na biyu shi ne inda bakinsa ya ja masa. Alhaji ya ci gaba da yabon rago, ya sake ɗaga kunne ya ce ikon Allah. Idi, cikin irin maganar nan ta ladabi da Bahaushe kan yi ba da nufin a karɓa ba, ya ce, "Ai naka ne, Baba." A nan ɗan wasan da ke Alhaji ya yi shiru na kamar numfashi biyu, ya bar jama'a su hango abin da ke tafe, sannan ya ce, "Madalla. Allah ya yi maka albarka. Kwance shi." Wannan shirun rabin dariyar ne. Yaran makaranta kan ji tsoron shiru a dandamali, suna ganin kamar an manta layi ne, sai su yi sauri su cike shi. Mai koyar da wasan ya sa su ƙirga a zuci har su saba.

Mataki na uku shi ne mafi daɗi, kuma a nan ya kamata a daɗe. Idi da ya gama cika baki da rago yanzu dole ya koma kushe shi, a gaban mutumin da ba zai iya yi wa musu ba. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, to ga haukan. A jera kushen daga ƙarami zuwa babba, kuma kowanne Alhaji ya karɓe shi da murna.

IDI: Sai dai fa Baba, yana da tunkuyi.

ALHAJI: Alamar lafiya ke nan.

IDI: Kuma ba ya cin harawa. Sai shinkafa.

ALHAJI: Kwana uku ya rage masa, ai ma iya.

IDI: Baba, gaskiya dai... da dare yana magana.

ALHAJI: Me yake cewa?

IDI: Cewa yake ba ya son Daura.

Uku ne, ba biyar ba. Na farko abu ne da rago kan yi, na biyu ƙarya ce mai kama da gaskiya, na uku ya fita daga hankali gaba ɗaya. Idan aka juya jerin, aka fara da rago mai magana, tunkuyi ba zai ba kowa dariya ba bayansa. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta gwada hauhawa: a ɗauki layukan a sauya musu wuri, idan wasan bai ji komai ba, to ba hawa ake yi ba, zagaye ake yi. Sannan a lura Alhaji bai yi wasa ko sau ɗaya ba. Fuskarsa a ɗaure, maganarsa ta dattijo. Gajeren wasa yana buƙatar mutum ɗaya mai hankali da za a auna haukan ɗayan da shi. In kowa a dandamali yana murguɗa baki yana tafiyar 'yan kama, babu wanda za a yi wa dariya.

Mataki na huɗu shi ne agogo ya cika. Awa ɗaya ta wuce, Sale ya yi sallama daga waje. Idi ya ruga ya tare shi a bakin zaure, ya zama yana tsakanin mutum biyu: ya juyo nan ya durƙusa ya ce "Na'am Baba," ya juya can ya yi raɗa. Kuɗin dusa ya tashi daga 1,000 zuwa 2,000, ya koma 5,000, Sale yana ƙara murya, Alhaji yana kwance igiya daga turke a hankali. A nan layuka su gajarta, kalma uku ko huɗu kowanne, gudu ya ƙaru. Tsawon wannan mataki kada ya wuce minti ɗaya, domin jama'a sun riga sun san dole mutanen biyu su haɗu, kuma in aka ja musu rai fiye da kima sai su fara faɗin ƙarshen da bakinsu.

Sale ya ture Idi ya faɗo ciki yana cewa, "Ni a ba ni ragona!" Ya yi ido huɗu da Alhaji. Ya sandare. Alhaji ya ɗaga kunnen rago karo na uku, ya nuna tsagar da ke jiki, ya ce cikin natsuwa:

ALHAJI: Sale. Ba wannan ne ragona ba, wanda ka ce ya mutu, har ka aiko mini da fatarsa?

Rago ya yi kuka sau ɗaya. A rufe.

A dubi yadda aka jera layin. Kalmar da ke ɗauke da dariyar ita ce "fatarsa," don haka ita ce ta ƙarshe. Da an ce, "Ka aiko mini da fatarsa ka ce ya mutu, ashe ga shi nan a gidan surukina yana cin dusa," ma'anar ɗaya ce, amma dariya za ta tashi a tsakiyar jimla ta danne sauran, ɗan wasa ya ƙarasa magana ba mai jin sa. Kuma bugun bai faɗa kan wanda ake zato ba. Minti shida jama'a suna jiran asirin Idi ya tonu, sai ga shi na Sale ne ya tonu, wanda tun farko yake ta ɗaga kai yana karɓar kuɗin dusa. A cikin daƙiƙa ɗaya mai kallo zai koma baya ya tuna tambayar unguwa, da kashedin bakin titi, da "ikon Allah" ɗin Alhaji, ya gane cewa tsohon ya san ragonsa tun shigowarsa. Wannan komawa bayan ita ke sa dariyar ta yi tsawo.

Bayan wannan layi kada a ƙara komai. Na san jarabar tana da ƙarfi, musamman a makaranta, inda malami zai so wani ya fito gaba ya ce ramin ƙarya ƙurarre ne, ko a kira mai unguwa ya yi sulhu. Wasan kwaikwayon Hausa na rubuce, tun daga Wasan Marafa na Abubakar Tunau a 1949, ya taso ne da niyyar koyarwa, kuma wannan gadon yana bin mu har dandamalin makaranta. Amma a gajeren wasa darasin ya riga ya isa tare da dariyar, iyayen da ke zaune sun gane shi sarai. In shugaban taro yana son ya ja hankali a kai, ya yi a jawabinsa.

Rufewar kanta tana buƙatar shiri, domin yawancin wuraren da ake wasa a Zango fili ne da rumfa, da rana tsaka, babu fitilar da za a kashe. Inda akwai labule, a sa mutum biyu su riƙe shi tun daga shigowar Sale, su ja da zarar rago ya yi kuka. Inda babu, a sa mai kalangu ko ganga ya buga sau ɗaya da ƙarfi, 'yan wasa su tsaya cak yadda suke na ɗan lokaci, sannan su fita da sauri ba tare da gaisuwa ba. Abin da ba a so shi ne su tsaya suna kallon juna, jama'a ba su san ko an gama ba.

Game da ragon, kada a kawo na gaske. Zai yi fitsari a gaban manyan baƙi, ko ya yi kuka a kan layin Alhaji, kuma duk idon yara zai koma kansa. Yaro ɗan aji ɗaya a cikin farin buhu, da ƙaho na kwali da manyan kunnuwa na tsumma, ya fi. A yi kunnen hagu da faɗin tafin hannu, tsagarsa a fili, yadda na layin baya zai gan ta. Shi ma yaron a yi masa iyaka: kuka biyu kawai a duk wasan, ɗaya lokacin da Idi ya ce yana magana da dare, ɗaya a ƙarshe. In aka sake shi zai yi ta tsalle ya kwashe wasan.

Makirfo shi ne babban abokin gaba. Sau da yawa guda ɗaya ne ko biyu, ana miƙa wa juna, kuma miƙawar nan tana kashe saurin da mataki na huɗu yake buƙata. In biyu ne, ɗaya ya zauna a hannun Alhaji, Idi da Sale su raba ɗayan tunda a bakin zaure kansu a haɗe yake. In ɗaya ne, gara a kafa shi a sanda kusa da turke, a tsara tsayuwar kowa a kewayensa. Ko yaya aka yi, a yi gwaji aƙalla sau ɗaya da lasifikar da za a yi amfani da ita a ranar, janareta yana aiki, don a ji ko raɗar Idi tana fita.

Gwaji na ƙarshe a yi shi a gaban mutum goma ko sha biyar da ba su san labarin ba, wani ya zauna da takarda yana sa alama duk inda aka yi dariya. In an yi rabin minti babu alama a cikin hauhawa, akwai layin da ya kamata a cire a wurin. In wani daga cikinsu ya faɗi ƙarshen kafin Sale ya shigo, dasa ya yi yawa. A rage ɗaga kunnen daga uku zuwa biyu, ko a cire tambayar unguwa. In kuma an yi bugun ƙarshe suka yi shiru sannan wani ya ce "wai ragon na wa ne?", to layin Alhaji na kiwo bai shiga kunne ba, a sa ya faɗe shi a hankali yana fuskantar jama'a. A nan ne kuma 'yan wasa za su koyi jiran dariya: ba a magana a cikinta, ana bari ta fara sauka sannan a ɗora, tun kafin ta mutu.

Saura abu ɗaya da ya shafi gari irin Zango, inda kowa ya san kowa. Kada sunan ɗan wasa, ko sana'arsa, ko irin hularsa su yi kama da wani mutum na gaske a unguwa. In akwai sanannen mai kiwo da ake kira Sale a kusa da makarantar, a canza sunan tun a takarda. A nisanci sarauta da malamai da masu lalura. Barkwancin da al'ada ta riga ta halatta, irin na Fulani da Barebari ko na taubasai, yana da wurinsa, amma shi ma a dandamali ba kamar a majalisa ba ne, domin a majalisa wanda aka tsokana yana da bakin ramawa. Ragon Aro bai buƙaci ko ɗaya daga ciki ba. Kuma a bar 'yan wasa su yi magana da Hausar gidajensu ta ƙasar Daura, kada su ari ta finafinan Kano. Alhajin da ya yi magana kamar kakan wani a cikin 'yan kallo ya riga ya samu rabin dariyarsa tun daga sallama.